Watan da na fara biyan kaina albashi

Shekarata ta uku ke nan ina aikin fassara da gyaran rubutu daga gida, ba ni da shugaba, ba ni da ofis, lokacin da abin ya kama ni. Wata safiya na buɗe kwamfuta, takarda mai shafi huɗu a gabana, aikin da a da awa biyu ta ishe ni. Na karanta sakin layi na farko sau biyar ban riƙe komai ba. Wayata ta yi ƙara, gabana ya faɗi tun ban ga mai kira ba. Ashe mutumin da ya fi kowa biyana a kan lokaci ne, amma haushinsa na ji kamar ya zo ƙwace mini wani abu.

Daga baya na ga yadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana wannan hali, wanda ake kira burnout da Turanci, a shekarar 2019. Ta ce yana tasowa ne daga matsin aiki da ya daɗe ba a shawo kansa ba, kuma alamunsa uku ne: ƙarewar kuzari, jin aikin ya fita daga ranka, da raguwar ƙwazo. Duka ukun ina da su. Bambancinsa da gajiyar yau da kullum shi ne, ita barcin dare ɗaya ko biyu yana wanke ta. Wannan kuwa na kwana na tashi yana nan daram.

Da farko na ɗauka hutu kawai nake buƙata. Na yanke wa kaina kwana uku, a rana ta biyu wani ya turo aiki, na karɓa. Sai na tambayi kaina, me ya hana ni cewa a'a? Amsar ba ta wuce tsoro ba. Ban san abin da wata mai zuwa zai kawo ba, don haka duk aikin da ya zo gani nake shi ne na ƙarshe. Mutumin da ke cikin wannan fargaba ba ya iya hutawa, ko da ya kwanta.

Sai na ɗauko lissafin wata goma sha biyu da suka wuce. A ce abin da nake kashewa dole a wata ɗari ne. Wata mafi kyau na samu 260. Akwai wata uku da na samu 30, da 45, da 55. Da na haɗa jimla na raba, matsakaicin ya kai kusan 130. Wato a shekara abin ya ishe ni har da saura, matsalar ita ce ba ya zuwa a jere. Watan da ya yi kyau sai in buɗe hannu, watan da ya bushe sai in ruɗe in karɓi kowane irin aiki a kan kowane farashi, su kuma waɗannan ayyukan na arha su suka fi cin rai. Na kuma lura cewa watannin da suka bushe ba haka kawai suke faɗowa ba. Biyu daga cikinsu sun biyo bayan watannin da aiki ya yi mini yawa har na daina neman sabo, ga shi kuɗin aiki kan ɗauki wata guda ko fiye kafin ya shigo.

Abin da na yi bai da wuyar faɗi. Na buɗe asusu na biyu. Duk kuɗin aiki can yake shiga, ba na taɓa shi. Ranar ɗaya ga wata in tura wa kaina 100 daidai zuwa asusun da nake kashewa, ko watan ya yi albarka ko bai yi ba. Kason haraji nake fara cirewa gefe tun ranar da kuɗi ya shigo, don ba nawa ba ne. Burina shi ne asusun ya tara kuɗin wata uku, wato 300. Sai da na yi wata goma sha ɗaya kafin in kai, kuma sau biyu ina karya doka in ɗiba. Wanda duk samunsa a shekara bai kai abin da yake kashewa ba, wannan tsari ba zai fitar da shi ba, shi farashinsa ne ko yawan masu ba shi aiki ke buƙatar gyara. Ni dai tun da kuɗin wata ɗaya ya taru na ji numfashina ya sauya. Da ruwan ciki ake jan na rijiya.

A lokacin ne iyakokin da na daɗe ina rubutawa a takarda suka fara aiki. Na sa wa aiki lambar waya daban, ƙarfe biyar na yamma in kashe ta in jefa a aljihun tebur. Sabon mai ba da aiki yana biyan rabi kafin in fara. Gyara sau biyu ne a cikin farashi, na uku da kuɗinsa. Kuma na daina lissafa wa kaina awa takwas a rana. Da na bi diddigi na mako biyu, awa biyar kacal nake yin ainihin fassara, sauran na tafiya wajen amsa saƙonni, rubuta takardar neman biya da bin bashi. Shekara uku ina yin alkawari a kan awa takwas, ina cike giɓin da dare.

Wata mata da muka daɗe muna aiki tare ta rubuto mini da ƙarfe goma na dare, tana son aiki kafin wayewar gari. Da safe na amsa: "Ranki ya daɗe, yanzu na ga saƙonki. Zan iya kawo miki shi jibi da rana, in hakan ya yi miki." Hannuna na rawa na tura. Ta ce babu damuwa. Wani kuma da na yi wa irin wannan amsa bai sake nemana ba har yau, kuma na ji zafin rashinsa, sai dai albashina na watan ya fita yadda ya saba.

Ranar hutu ma sai da na yi kuskure a kanta. Cewa na yi zan riƙa hutawa duk ranar da babu aiki. Irin wannan rana ba hutu ba ce, zaman jira ne, ido na kan waya. Yanzu rana ɗaya ce tsayayya a mako, tana cikin kalanda kamar alkawarin da na yi wa wani, kuma da ita nake lissafin ranar miƙa aiki.

Kaɗaicin shi ne bai nuna kansa da wuri ba, domin kullum ina cikin musayar saƙo da mutane. Wata rana na ƙirga, kwana tara ban zauna da kowa mun yi hirar da ba ta aiki ba. Illarsa a aikin kansa ta fito. In aka dawo mini da gyara, babu wanda zan nuna wa ya ce mini wannan ƙaramin abu ne, sai in kwana ina juya shi a rai har ya zama dutse. Na nemi wani abokin sana'a, muka tsayar da rabin awa ta waya kowane mako. Mukan faɗa wa juna nawa muka caja, wa ya ƙi biya, wane aiki muka ƙi karɓa. A bakinsa na gane farashina ya yi ƙasa sosai. Kwana biyu a mako kuma nakan ɗauki kwamfuta in tafi ɗakin karatu, ko ban yi magana da kowa ba sai gaisuwa da mai tsaron ƙofa.

Watan jiya ya bushe, 40 kawai ya shigo. Na biya kaina 100, asusun ya sauka zuwa 240, na yi amfani da ranakun da babu aiki na rubuta wa tsofaffin masu ba ni aiki su shida. Biyu sun amsa, ɗaya zai turo takardu mako mai zuwa.