Laraba: abin da na tarar a cikin tarwaɗa da kurungu

Sai bayan isha'i na samu na zauna, har yanzu warin famalin, ruwan maganin da ke hana kifi ruɓewa, bai bar yatsuna ba. Yau ne na gama buɗe cikin kifayen da na karɓo daga masunta a madatsar ruwa ta Tiga tun farkon damina: tarwaɗa 40, kurungu 40. A cikinsu tarwaɗa 9 da kurungu 6 babu komai a tumbinsu, don haka na ware su gefe. Ragowar su ne na shafe makonni ina wankewa a faranti, ina tsince abin da suka ci da ɗan hantsaki, ina auna nauyin kowane kashi. Tambayar da nake bi ita ce: kifayen nan biyu suna kwana a ruwa ɗaya, dukansu suna kiwo a ƙasa-ƙasa da dare, to nawa ne tarayyarsu a abinci, kuma tarayyar tana nufin ɗaya zai kori ɗaya?

Da safe na fara da kuskure. Na ɗauki jadawalin da na rubuta yawan tumbin da aka ga kowane abinci a ciki, na zuba a lissafi. Da na tara layin tarwaɗa sai na ga ya wuce ɗaya da nisa. Dole ya wuce, tunda tumbi guda yana iya ɗauke da ƙwari da katantanwa da laka a lokaci ɗaya, an ƙirga shi sau uku ke nan. Ma'aunan tarayyar abinci biyu da zan yi amfani da su kuwa, na Schoener da na Pianka, suna buƙatar rabon kowane abinci daga cikin dukan abin da kifin ya ci, yadda in an tara zai ba da ɗaya cif. Na koma kan jadawalin nauyi. Ga abin da ya fito bayan na daidaita lambobin, `p` na tarwaɗa, `q` na kurungu:

```
abinci        p      q
kwari        0.40   0.50
kananan kifi 0.30   0.00
katantanwa   0.10   0.20
tsiro        0.10   0.10
laka         0.10   0.20
```

Na fara da ma'aunin Schoener don shi ne mai sauƙin kamawa da hankali. Shi ne `D` a nan, `O` kuma na Pianka ne, zan zo kansa daga baya.

```
D = 1 - 0.5 * sum(|p - q|)
O = sum(p*q) / sqrt(sum(p^2) * sum(q^2))
```

A kowane layi za ka duba tazarar da ke tsakanin kifayen biyu, ba ruwanka da wanda ya fi. Ƙwari 0.10, ƙananan kifi 0.30, katantanwa 0.10, tsiro babu tazara, laka 0.10. Jimla 0.60, rabinta 0.30, a cire daga ɗaya saura 0.70. Akwai wata hanyar da na fi so, domin ita ce take nuna mini ma'anar abin: a kowane layi ka ɗauki ƙaramar lamba ka tara. Wato 0.40 da sifili da 0.10 sau uku, ya koma 0.70 ɗin dai. Kamar a ajiye kwanon tarwaɗa da na kurungu gefe da gefe ne, a ce kashi 70 cikin 100 na abin da ke ciki iri ɗaya ne.

Sai na Pianka, wanda ya fitar a 1973 yana nazarin ƙadangarun hamada. A nan ninkawa ake yi. Na ninka `p` da `q` layi-layi na tara, ya ba ni 0.25. Na ninka kowace lambar tarwaɗa da kanta na tara, 0.28, na kurungu kuma 0.34. Ninkin waɗannan biyu 0.0952 ne, saiwarsa kusan 0.309. Raba 0.25 da 0.309 ya ba da 0.81. Kifi ɗaya, jadawali ɗaya, amma wannan ya ce 0.70, wancan ya ce 0.81. Dalili shi ne ninkawa tana ƙara wa babban layi nauyi. Ƙwari kaɗai sun kawo 0.20 daga cikin 0.25 ɗin nan, ragowar layukan huɗu suka raba ɗan abin da ya saura.

Zuciyata ta yi fari ƙal. A takardun da na karanta ana yawan ɗaukar duk abin da ya haura 0.6 a matsayin tarayya mai ƙarfi, ni kuwa na haura ta kowace hanya. Har na rubuta a gefen littafina cewa akwai gogayya mai tsanani tsakanin tarwaɗa da kurungu a Tiga. Da azahar na kai wa Malam.

Ya daɗe yana kallon jadawalin bai ce komai ba. Sannan ya ɗora bironsa a layin farko ya ce, "Wannan ƙwarin naki, wane ƙwaro ne?"

Na ce, "Malam, duk abin da ya zama ƙwaro ko tsutsarsa na haɗa wuri ɗaya."

Ya ce, "Kin rubuta su daban-daban a littafin benci?" Na ce e. Ya ce, "To je ki raba su ki dawo."

A nan ne ranar ta juya. Da na koma littafin, na tuna abin da idona ya gani a ƙarƙashin madubi. Tumbin kurungu cike yake da siraran tsutsotsin nan jajaye da ke zama cikin laka, ruwan famalin ya kashe musu launi amma ƙananan kawunansu masu tauri suna nan birjik, gauraye da yashi. Tumbin tarwaɗa kuwa fukafukan shinge ne suka fi yawa, masu sheƙi kamar leda, da 'ya'yan mazari manya-manya. Na karɓo kifin ne a kwanakin da shinge ke tashi bayan ruwan farko, yana faɗawa kan ruwa, tarwaɗa tana tasowa ta kwashe. Na raba layin biyu. Tsutsar laka: tarwaɗa 0.10, kurungu 0.45. Shinge da manyan ƙwari: tarwaɗa 0.30, kurungu 0.05. Ƙananan lambobin yanzu 0.10 da 0.05 ne, wato 0.15 a maimakon 0.40. Schoener ya sauko 0.45. A na Pianka saman lissafin ya koma 0.11, ƙasan kuma saiwar 0.22 sau 0.295, kusan 0.255, amsa 0.43.

Daga 0.81 zuwa 0.43, ban ƙara buɗe ko kifi ɗaya ba. Na zauna shiru ina kallon allon kwamfuta. Ashe in ka tara abinci a manyan rukunai tarayya hawa take yi, kuma a ma'aunin Schoener rarraba rukuni ba ya taɓa ƙara ta, sai dai ya bar ta yadda take ko ya rage. Da na ce "dabba" da "tsiro" kawai, da kusan duk kifin Tiga sun zama abokan cin juna. Wannan ya sa na daina ganin 0.6 ɗin nan a matsayin iyaka ta gaskiya. Al'ada ce ta masu bincike, ba doka ba ce da ruwa ya sani.

Da na koma, Malam bai tsaya kan sabuwar lambar ba. Ya ce ko da 0.81 ɗin ce ta tabbata, jimlar da na rubuta a gefen littafi ba ta da ƙafa. Ya tuna mini gwajin Gause na 1934: ƙananan halittun ruwa da ake kira faramisiyum, iri biyu, kowanne in an sa shi shi kaɗai a kwalba yana yaɗuwa lafiya, in an haɗa su kan abinci ɗaya ƙayyadadde sai ɗaya ya ƙare. Daga nan aka samo ƙa'idar cewa jinsi biyu masu dogaro da abu guda ba sa shan inuwa ɗaya har abada. Amma sharaɗin yana cikin kalmar "ƙayyadadde". Sai abincin ya gaza, yanayin kuma ya tsaya cik na tsawon lokaci, kafin korar ta faru. Gause ɗin ma da ya haɗa wasu iri biyu, ɗaya yana kiwo a gindin kwalba ɗaya a sama, zama suka yi tare.

Ni abin da ya fi shiga raina shi ne binciken Zaret da Rand na 1971 a wani rafi a Panama. Sun tarar kifaye sun fi tarayya a abinci lokacin damina, da abinci ya wadata, sannan da rani da ya yi ƙaranci kowa ya koma kan nasa, tarayyar ta ragu. Wato lamba babba tana iya zama alamar yalwa, ba ta faɗa ba. Lamba ƙarama kuma tana iya zama alamar cewa matsi ya riga ya raba su, ko kuma dama can halittarsu ce daban. Ma'aunin ba ya iya bambance waɗannan, domin abin da ke cikin tumbi kawai yake gani, bai san abin da ya rage a ruwa ba. Na tuna wani dattijon masunci da na saya kifin a hannunsa. Na tambaye shi ko tarwaɗa tana hana kurungu sakat, ya yi dariya ya ce, "'Yata, da damina wa zai hana wani? Ki dawo da bazara in ruwa ya ja baya." A lokacin na ɗauka hira ce kawai.

Akwai kuma abin da ke damuna game da samfurin kansa. Kifin kalli ne, ya kwana a raga, abinci mai laushi ya narke kafin a ɗago shi, ɓawon katantanwa da kawunan tsutsa kuwa suna daɗewa. Ina zargin rabon katantanwa ya kumbura saboda haka. Sannan na haɗa tarwaɗa manya da ƙanana a layi ɗaya, alhali kusan duk ƙananan kifin da na samu daga cikin manyan suka fito. Mai yiwuwa ƙaramar tarwaɗa ta fi kusa da kurungu a ci fiye da yadda take kusa da uwarta.

Na soke waccan jimlar da jan biro. A madadinta na rubuta cewa a farkon damina, da rukunin abinci shida, tarayyar ta kai 0.45 a ma'aunin Schoener da 0.43 a na Pianka, kuma na haɗa da jadawalin rukunan don duk mai karantawa ya ga yadda na raba. Gobe zan ware tarwaɗa gida biyu bisa tsawo in sake lissafi. Malam ya amince in koma Tiga a watan Afirilu, wannan karon da birgi don a buɗe kifin da ɗuminsa, kuma in ɗebo laka daga wuraren da aka kama su in ƙirga tsutsar da ke ciki. Sai na nemo wanda zai ara mini abin ɗibar lakar, namu na sashe ya karye tun bara.