Gwajin lilo da matakai huɗu na Kolb

A 1984 masanin ilimi David Kolb ya tsara yadda ake koyo daga aiki a matakai huɗu masu zagayawa: a yi abu da hannu, a tsaya a duba abin da ya faru, a fitar da ƙa'ida, sannan a jarraba ƙa'idar a sabon yanayi. Abin da koyar da kimiyya ya nuna mini shi ne, darasin gwaji yakan mutu a mataki na biyu, domin nan muke gaggawa.

Ga misalin gwajin lilo a darasin minti 80. Minti 20 na farko na hannu ne. Kowace ƙungiya ta ɗaura ɗan ƙarfe a zare, ta auna lokacin lilo goma a tsawon santimita 25, 50 da 100. Goma ake ƙirgawa saboda yatsa yakan makara wajen danna agogo, kuma in an raba lattin goma ba ya yin illa sosai. Ba na faɗa musu amsa. Za su samu kusan sakan 10, 14 da 20.

Mataki na biyu shi nake ba lokaci har ya isa. A rubuta sakamakon kowa a allo, a tambaya: me kuka lura? Ƙungiyar da ta samu sakan 5 a maimakon 10, zuwa kawai ta ɗauka a matsayin lilo ɗaya, alhali lilo ɗaya zuwa ne da dawowa. Wadda ta samu 9, tana sakin ƙarfen ta ce "ɗaya", alhali daga sifiri ake farawa. Ɗaliban ne ya kamata su gano haka da kansu. Can sai wani ya ce, ai mun ninka zaren amma lokacin bai ninku ba. Wannan maganar nake jira. In ba ta fito ba, ba na gusawa gaba, domin ƙa'idar za ta zama hadda.

Daga nan mataki na uku ba ya wahala: sai an ninka tsawon sau huɗu lokacin ke ninkuwa sau biyu. Sannan ne nake rubuta `T = 2π√(L/g)`, inda T ke nufin lokacin lilo ɗaya, L tsawon zare, g kuma ƙarfin jan ƙasa, in ja kunne cewa tana aiki ne in ba a ja ƙarfen gefe da nisa ba.

Na huɗu kuwa ba maimaita gwaji ba ne. Nakan ce: wane tsawo zai ba da sakan 15 a lilo goma? Ku rubuta kafin ku taɓa zare. Wanda ya gane zai ce kusan santimita 56. Wanda bai gane ba zai ɗauki tsakiyar 25 da 100, ya ce 62.5, agogo kuma ya nuna masa kusan sakan 16. A nan nake sanin wa zan koma da shi allo. In lokaci ya rage, su canza nauyin ƙarfen su ga lokacin bai canza ba, wannan mamakin ya zama mafarin darasi na gaba.