Ka Yanka Bim Tukuna Kafin Ka Dunƙule Lodi

Jiya na leƙa takardar wani yaro da ke koyon aiki a hannuna, sai gabana ya faɗi. Bim ne mai tsawon mita 6 a kan madogarai biyu, an shimfiɗa masa lodin 10 kN a kowace mita. Ya dunƙule lodin ya zama 60 kN, ya ɗora a cibiyarsa, ya ce kowane madogari zai ɗauki 30 kN. Daidai ne. Sai kuma ya shiga zana momen, wato ƙarfin da ke lanƙwasa bim, da wannan ƙarfi guda ɗaya. Nan na riƙe masa biro.

Ni ma haka na yi ina sabon shiga. A bim irin wannan na ɗauki PL/4, lissafin lodin da ke wuri guda, na sami 90 kN·m a tsakiyar bim, alhali amsar gaskiya wL²/8 ce, lissafin shimfiɗaɗɗen lodi, wato 45. Ninki biyu! Da maigidana ya dawo mini da takardar, na yi ta gardama cewa ai ƙari ne, ba ragi ba. Har yau ina ganin malamanmu sun nuna mana dabarar ba su nuna mana iyakarta ba. To amma ni me ya hana ni tambaya?

Taurin kan nan ya kusa jawo mini abin da ba zan manta ba. Bim ne mai mita 4, an kafe gefe ɗaya, ɗayan yana reto, lodin dai 10 kN a mita. Na sa 40 kN a mita 2. A gindi na sami 80 kN·m, wanda daidai ne, sai na saki jiki. Daga tsakiya zuwa baki zanena ya nuna sifili, na rage rodin sama a wannan rabin. Alhali a tsakiyar akwai 20 kN·m, domin mita biyun da suka rage suna ɗauke da nasu 20 kN a nisan mita 1. Allah Ya sa maigidan ya gani kafin a zuba kankare.

Don haka ƙannena, ku rabu da dunƙule lodi. A'a, ku dunƙule, ba makawa sai da shi za ku san abin da madogarai ke ɗauka a irin waɗannan bim. Amma da zarar kun juya ga abin da ke faruwa a cikin jikin bim, ku mayar da lodin yadda yake a shimfiɗe. Ku yanka bim a inda kuke nema, ku dunƙule lodin da ke kan guntun kaɗai.

Ku kuma dubi zanenku, ku da ba kwa iya minti biyu ba ku taɓa waya ba! Ƙarƙashin shimfiɗaɗɗen lodi zanen momen lanƙwasa yake yi kamar baka. Yaron nan nasa ya fito da tsini a tsakiya, ya kalle shi bai ga komai ba. Na sa shi ya yanka a mita 3, ya cire momen 45 na lodin da ke kan guntun daga momen 90 na madogari da hannunsa, ya sami 45.