Talata a shago: "Baba ya ce a rage masa"

Ban jima da buɗe shago ba wani yaro ya shigo da leda, ya gaishe ni, ya ajiye ta a kan teburin yanka. Kaftanin shadda ne fari, wanda na ɗinka wa mahaifinsa wata biyu da suka wuce. Saƙon da ya kawo bai fi haka ba: "Baba ya ce a rage masa." Na ce a rage me? Ya ce shi dai iya abin da aka faɗa masa ke nan, ya wuce makaranta.

Almajirina har ya ɗauko alli zai ja layi a ƙasan rigar. Na ce ya dakata. Tsawon da aka yanke ba ya dawowa, kuma shadda ko farke ɗinki aka yi sawun allura yakan zauna a jikinta.

Na ɗauko littafin awo na shimfiɗa rigar. Hannu 25 a littafi, 25 a riga. Wuya daidai, kuma akwai aiki a kansa, ba wanda zai ce a taɓa shi. Na fitar da waɗannan biyun daga lissafi. Tsawo inci 58 ne kamar yadda na auna shi, sai dai kalmasar baya ta yi duhu kaɗan, alamar tana sharar ƙasa. Ƙirjinsa 44 ne lokacin awo, na sake masa rigar zuwa 52 don ya ce yana son ta wadata, amma kwanaki na ji ya yi jinya, mai yiwuwa ya faɗa. Sannan a gefen shafin ga rubutuna: saura naira dubu 5. "A rage min" ai ita ce kalmar da ake faɗa wajen ciniki ma, kuma dattijo yakan ji nauyin faɗarta da bakinsa sai ya aiko yaro.

Da zan kira shi in ce "Alhaji, me kake nufi?" Na san amsar da zan samu: "A rage dai, ai kai ne tela." Mutum yana jin rigar ba ta zauna masa ba, amma ba lallai ya san sunan wurin da ke damunsa ba. Ni ne na san wuraren, saboda haka ni ya kamata in jera masa su. Na tura masa saƙon murya na ce:

"Alhaji, barka da asuba, saƙo ya iso. Abu uku na fahimta, a zaɓa min. Ko tsawo ne, in cire inci 2 a ƙasa, wannan kuwa in na yanke ya yanku. Ko faɗi ne, in shigar da gefe da gefe, ba sai na yanke ba. Ko kuma maganar ragowar kuɗin ɗinki ce, wannan ba komai, mu yi magana. In kuma duk ba su ba ne, a faɗa min."

Na fara da tsawo don shi na fi zato, na ajiye kuɗi a ƙarshe don kada ya ji kamar tuni nake masa. Iya uku na tsaya. Da na haɗa da hannu da wuya da kafaɗa, da na mayar masa da aikin kansa, ya saurari dogon bayani ya rasa na kamawa.

Bayan azahar amsa ta zo: "Na biyun, Malam. Iyo nake a cikinta. Tsawon a bar min shi haka." Ashe faɗawar da ya yi ce ta sa rigar ta zubo har take taɓa ƙasa ta baya. Na kalli almajirina, shi ma ya kalli allin da ke hannunsa.

Na juya rigar, na farke aljihunan gefe tukuna tunda a cikin ɗinkin gefen suke. Na shigar da inci 1 a kowane gefe, daga ƙarƙashin hammata na sulale da shi zuwa ƙasa. Na tsaya na nuna wa almajirina lissafin, don a nan sababbi ke yin ɓarna: inci 1 a ɗinki ɗaya yana cin gaba da baya, ya zama 2, gefe biyu kuma 4. Riga ta dawo 48. Rarar ƙyallen ban yanke ba, na goge ta na kwantar a ciki, in Allah ya ƙara masa lafiya ya murmure sai a sake masa.

Da la'asar wata mata ta aiko da riga wai a sa maɓalli. Guda ɗaya ne ya faɗi, ga gurbinsa, ga 'yan'uwansa huɗu a jere. Na sa irinsu ban tambayi kowa ba.

Alhaji ya zo da kansa bayan magariba, ya gwada a bayan labule, ya ɗaga hannuwa sama ya sauke, ya ce haka yake so. Ya biya dubu 5 ɗin nan tare da kuɗin gyara. A littafi na soke 44, na sake auna shi na rubuta 41 da kwanan watan yau.