Abin da aikin tura kaya ya koya min a kan lambar gidan waya

Tun da na fara aikin shigar da adireshin kwastomomi a kwamfuta kafin a tura musu kaya, babu layin da ke jawo dawowar kaya kamar ɗan layin nan na lambar gidan waya, wanda a fom za ka ga an rubuta Postal code ko ZIP. Mutane da yawa sun ɗauka lamba ce iri ɗaya a duk duniya, alhali kowace ƙasa ta tsara tata ne don sauƙaƙa wa ma'aikatanta rarraba wasiƙu, a lokacin da ta ga dama, babu wanda ya ce sai ta yi irin na maƙwabciyarta.

Amurka ta fito da nata a 1963, lamba biyar, ta farko tana nuna ɓangaren ƙasar, 0 arewa maso gabas, 9 can gaɓar yamma. Lamba ɗaya takan haɗa dubban gidaje, shi ya sa a 1983 suka ƙara wasu huɗu a baya. Birtaniya kuwa haruffa ta cakuɗa da lambobi, kamar SW1A 1AA ta fadar Buckingham, rabin farko ya kai wasiƙa yankin, rabin ƙarshe ya kai ta wani ɗan yanki na titi mai gidaje kaɗan. Don haka a Birtaniya in ka kuskure harafi ɗaya ka canza titi kenan. Indiya shida ce tun 1972, Japan bakwai. Kuma fa akwai wuraren da babu ita sam, kamar Hong Kong da Dubai.

Na Jamus ne ya fi koya min abu. Kafin haɗewar ƙasar, Gabas da Yamma kowacce na da lamba huɗu, sai ya zama ɗaruruwan lambobi sun yi karo, Bonn 5300, Weimar ma 5300. A 1993 suka rushe tsarin suka koma lamba biyar. To yanzu in adireshin Jamus ya zo gabana da lamba huɗu na san akwai matsala, kuma ɗayan biyu ne: ko tsohon adireshi ne aka kwafo daga tsohuwar takarda, ko sifili ya faɗi.

Wannan na sifilin shi ya fi yawa wallahi. Ka ce adireshi ya zo "1067 Dresden". Abu na farko ƙasa nake dubawa, Jamus ce, dole biyar, nan kuma huɗu ne. Lambobin Dresden da 01 suke farawa, kenan 01067 ce asali, Excel ne ya ɗauke ta a matsayin lambar lissafi ya cinye sifilin gaba tunda a lissafi ba shi da amfani. Haka yake yi wa Boston, 02108 ta koma 2108. Maganin shi ne a mayar da layin gaba ɗaya zuwa Text kafin a zuba lambobin, don in an riga an zuba, canzawar ba ta dawo da sifilin, sai an sake saka shi. Kuma ko da na gano haka ban tsayawa nan, sai na shiga shafin Deutsche Post, wato gidan wayan Jamus, na sa sunan titin da garin na ga ko lambar ta fito daidai, saboda babban gari lambobinsa da yawa, wani dogon titin ma ya ratsa lamba biyu, sai lambar gida ce za ta raba.

Abin da nake gaya wa duk sabon da aka kawo mu yi aiki tare, kar ya buga lamba tsurarta a intanet ya yarda da abin da ya fito. 75001 tsakiyar Paris ce, kuma ita ce dai lambar garin Addison a Texas. Ƙasa tukuna, sannan gari, sannan titi, kuma a shafin gidan wayan ƙasar, Royal Mail ga Birtaniya, USPS ga Amurka. Shafukan nan masu tara lambobin duniya wuri guda sukan ba ka lamba ɗaya ta gari gaba ɗaya, wani sa'in ma tsohuwa.

Inda ƙasar ba ta da lamba kuma fom ya ƙi wucewa, fara duba ko ƙasar da aka zaɓa a sama daidai ce, sau tari fom ɗin yana kan Amurka ne shi ya sa yake neman lamba biyar. In duk da haka ya nace, mutane kan cika da 00000, amma ni kamfanin da zai ɗauki kayan nake tambaya me suke karɓa, sannan in tabbatar lambar wayar mai karɓa tana jikin kwalin, don da ita ɗan aike zai neme shi.