Kwali bakwai ba ya isar ɗaki mai ƙafa 12

Sana'ata sa tayil da ƙananan kwangilolin gini a garuruwan da ke kewayen Ringim, ni da yarana. Gardamar da na fi yi da masu gida, musamman wanda wannan ne gininsa na farko, ita ce ta ƙarin da nake sa wa a lissafin kaya. Da zarar mutum ya ga na rubuta fiye da abin da awo ya nuna, sai ya ce, "Malam, wannan rarar ta mece ce?" Ba na ganin laifinsa, kuɗin gumi ne. Amma lissafin yana da dalili.

Mu ɗauki ɗaki ƙafa 12 tsawo, ƙafa 12 faɗi, wato mita 3.66 kowane ɓangare. A sa masa tayil mai santimita 40 da 40, wanda aka fi samunsa guda 12 a kwali. A takarda, faɗin ƙasan ɗakin zai ci guda 84, kwali bakwai cif. Nan ne mai gida yake tsayawa, ya ce a sayo bakwai.

To amma tayil ba kamar siminti ba ne da za a kwaɓa a shafe ko'ina. Idan ka jera guda tara daga bango zuwa bango, saura wajen santimita shida ya rage, ɗan siriri da ke da wuyar yankawa, yana yawan karyewa, kuma ba ya kyan gani. Shi ya sa mai aikin da ya san hannunsa yake jera takwas a tsakiya, ya raba ragowar gida biyu, kowane gefe ya sami wajen santimita 23. Kowane yanki irin wannan tayil guda yake cinyewa, domin guntun da ya saura bai kai ya rufe ɗaya gefen ba. Layi goma kenan ta kowace fuska, tayil 100. Guntayen ba asara ba ne duka, da su muke yin sikatin na gindin bango. Duk da haka kwali tara za a saya, guda 108, takwas ɗin da ke sama kuwa na fashewa ne da na ajiya.

Saboda haka ƙarin kashi goma cikin ɗari da ake yawan faɗa a sa a kan awo, a wurina mafi ƙaranci ne. Yana isa a babban falo mai miƙaƙƙen bango. Ƙaramin ɗaki, banɗaki mai bututu da lungu, ko jeri na karkace, sun fi haka ci, domin yanka ya fi yawa. Kafin a saya, a sa mai aikin ya ƙirga layi, kada a tsaya ga awon faɗi kawai.

Akwai kuma hanya. Kayanmu daga Kano muke ɗaukowa, kuma bayan an sauka daga kwalta akwai burji. Da wuya a buɗe kwalaye a rasa mai tsagewa ko wanda bakinsa ya ɓantare.

Wani zai ce idan bai isa ba sai a koma a ƙaro. A nan ne ake shan wahala. Kuɗin mota zuwa da dawowa don kwali ɗaya zai iya kai kuɗin kwalin ko ya wuce, leburori suna zaune, ranarsu kuma sai an biya. Abin da ya fi wannan zafi shi ne launi. Tayil gasa shi ake yi rukuni-rukuni, kuma ko zane ɗaya ne daga kamfani ɗaya, rukunin da ya biyo baya yakan ɗan bambanta a duhu, wani lokacin har a girma. A jikin kwali akwai lambar da ke nuna haka, a tabbata duk kwalayen lamba ɗaya ce tun a shago. Na ga ɗakin amarya da aka cike layinsa na ƙarshe bayan wata biyu, duk wanda ya shiga idonsa can yake fara sauka, kuma ba gyara sai an fasa.

Bulo kashi biyar yakan wadatar, saboda na fashewa wajen saukewa da rabi-rabin bakin ƙofa da taga. Siminti kuwa ban yarda a jibge shi ba. Yana shan danshi ya daskare, balle da damina, kuma ana samun irinsa a kusa duk ranar da aka buƙata.

Idan aiki ya ƙare, tayil ɗin da ya rage na mai gida ne, a ƙirga a gabansa a ba shi. Ya jingine su a tsaye cikin kwalinsu, wurin da yara ba sa kaiwa, domin ranar da turmi ko tukunyar gas ta fasa guda ɗaya, ba lallai a sake samun wannan zanen a kasuwa ba.