Yanka hotuna a kan bugun kiɗa: abin da ke sa aiki ya zame

A ƙaramin kamfaninmu na haɗa bidiyo, aikin da kwastomomi suka fi kawowa shi ne gajeren talla na sakan 15 zuwa 30, inda hotuna ke wucewa da sauri suna bin kiɗa. Ƙa'idarmu a kansa ɗaya ce: kiɗa ake fara shimfiɗawa, a kulle layinsa, a sa masa alamomi, sannan a kawo hotuna. Wanda ya fara jera hotuna kafin kiɗa, sau biyu zai yi aikin.

Matsalar da ta fi kama sabon edita ita ce ƙirga firam, wato ɗaiɗaikun hotuna marasa motsi da ke jeruwa su zama bidiyo. Ga misali. Kiɗa yana bugu 128 a minti ɗaya, bidiyon kuma firam 25 ne a sakan. Idan aka raba, kowane bugu yana cin firam 11.72. To, ba a yanka rabin firam, sai edita ya ce bari ya mai da kowane hoto firam 12, ya jera su. Yankan farko da na biyu lafiya lau. Amma kowane yanka yana ƙara jinkirin da ya ɗan haura kashi ɗaya cikin huɗu na firam, kuma taruwa yake yi. Bugu 32 sakan 15 ne cif, wato firam 375, alhali hotuna 32 masu firam 12 sun kai 384. Firam 9 ke nan a baya, kusan bugu guda. Alamar wannan ciwo a bayyane take: farkon bidiyon yana zaune daram, ƙarshensa kuwa hoto na jan ƙafa a bayan ganga.

Maganin shi ne kowane yanka ya ɗauki matsayinsa daga kiɗan, ba daga tsawon hoton da ya gabace shi ba. A misalin nan alamomin za su faɗo a firam na 12, 23, 35, 47, 59, 70, 82 da 94. Za ka ga tazarar wani lokaci 12 ce, wani lokaci 11, kuma haka ya kamata ta kasance.

Wajen sa alama, muna kunna kiɗan muna danna `M` a kan kowane bugu, maɓallin da ke wannan aiki a manhajojin haɗa bidiyo na Premiere Pro da DaVinci Resolve duka. Sai dai yatsa ba ya faɗawa daidai kowane lokaci, kuma abin saurare na Bluetooth yana ƙara nasa jinkirin, don haka mai waya muke sawa. Bayan an gama sai a buɗa zanen sautin sosai, a ja kowace alama zuwa inda tsinin bugun ya fara tashi. Idan makaɗa ne suka kaɗa da hannu, saurin yana ɗan hawa yana sauka, lissafi ba zai yi ba, dole a bi bugun ɗaya bayan ɗaya.

Mu dai mun fi son yanka ya riga bugu da firam ɗaya. Ido yana buƙatar ɗan lokaci kafin ya gane sabon hoto, shi ya sa yankan da ya zo da wuri kaɗan ake jin sa daidai, wanda ya makara kuwa ko da firam biyu ne sai a ji nauyinsa.

Zama a kan bugu kaɗai bai isa ba. Hoton firam 12 bai kai rabin sakan ba, ba zai ɗauki fili mai faɗi da mutane goma ba. Abu guda yake ɗauka, kuma daga kusa: fuska, hannu, taya. A bar abin kallon a kusan wuri ɗaya a allo daga hoto zuwa hoto, domin idan ido yana tsalle daga hagu zuwa dama, kafin ya iso an riga an yanke. Idan kuma akwai motsi mai ƙarfi a cikin hoton, kamar saukar ƙafa ko rufe ƙofa, shi ya fi cancanta ya hau bugun. A nan kayan aikin Slip ke da amfani, yana matsar da abin da ke cikin hoton ba tare da taɓa wuraren yankan ba.

Ba ma yanka a kowane bugu tun daga farko, don mai kallo yana gajiya cikin 'yan sakanni. A sakan 15 ɗin nan mukan ba hotuna huɗu na farko bugu huɗu-huɗu, huɗu na gaba bugu biyu-biyu, sannan huɗu bugu ɗai-ɗai inda kiɗan ya yi zafi. Bugu huɗun da suka rage na tambarin kwastoma ne, don a samu damar karanta shi. Hotuna 13 ke nan.

Bayan fitar da bidiyon, a kalle shi a waya daga farko har ƙarshe, a fi zuba ido a sakan 5 na ƙarshe, domin a nan zamewa ke fara nunawa.